Layi Ɗaya a Kan Kuskure: Yadda Takardar Abincin Majiyyaci Ke Zama Shaida

A ɗauki misalin wata yarinya 'yar wata goma sha huɗu da aka kwantar bayan magariba a ɗakin yara masu tamowa. An zagaya damtsenta da ma'auni ya tsaya a kan ja, santimita 10.8, alhali duk abin da ya gaza 11.5 tamowa ce mai tsanani. An ɗora ta a sikeli, kilo 6 cif. Likita ya ce a fara ta da F-75, madarar nan mai ruwa-ruwa da ake fara ba irin waɗannan yara, wadda kowane mililita 100 nata ke ɗauke da kalori 75.

Lissafin ba shi da wuya. Ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce mililita 130 ga kowane kilo a kwana guda, idan yaro ba shi da kumburi mai yawa. Kilo 6 ke nan ya ba da mililita 780, a raba gida goma sha biyu, a riƙa ba ta 65 duk bayan awa biyu, dare da rana.

Sai aka ɗauke wuta, janareto kuma bai tashi da wuri ba. Nas ɗin dare ta haska tocilan wayarta tana kwafe nauyin daga katin karɓa zuwa takardar ciyarwa. Wanda ya rubuta 6 ɗin ya lanƙwasa kansa har ya kusa rufewa, ita kuwa ta karanta 8. Da kilo 8 lissafi ya koma mililita 1,040, wato kusan 87 a kowace ciyarwa. Haka aka auna da ƙarfe goma na dare, da sha biyu, da biyu, da huɗu, da shida na asuba. Kowane kofi ya ɗara ƙa'ida da kashi ɗaya bisa uku.

Ga lafiyayyen yaro wannan ba abin tada hankali ba ne. Ga mai tamowa kuwa akwai magana, domin zuciyarsa ta rame kamar yadda cinyarsa ta rame, ruwa kaɗan ya yi yawa sai ta kasa turawa. Shi ya sa ake ƙirga numfashi da bugun zuciya a kai a kai: idan numfashi ya ƙaru da biyar a minti ɗaya, bugun zuciya kuma ya ƙaru da 25, an shiga hatsari.

Da safe jami'ar kula da abincin majiyyata ta zo ta sake ɗora yarinyar a sikeli, ta ga kilo 6.1. Ta dubi takardar ciyarwa, ta dubi katin karɓa, ta kira nas ɗin da ke shirin miƙa aiki. Nas ta gani, gabanta ya faɗi, ta buɗe jaka ta ciro 'yar kwalbar nan ta farin ruwan shafe rubutu.

"Anti, bari in gyara kafin likita ya shigo zagaye."

"A'a Sista, mayar da shi jaka. Layi ɗaya za ki ja, ni kuma bari in kira likita yanzu."

Uwar yarinyar, da ke zaune a bakin gado tana jin su, ta sa baki: "Sista, ai cikin dare sau biyu ta yi amai, na ma gaya miki."

Babu aman nan a takarda. Cikin minti biyar ke nan matsala biyu sun bayyana a shafi ɗaya: abin da aka rubuta ba daidai ba, da abin da ya faru ba a rubuta ba. Kowannensu da hanyar da ake bi a gyara shi, kuma hanyoyin ba ɗaya ba ne.

Abin da doka ta ce

Mutane da yawa, har da wasu ma'aikatan lafiya, suna ɗaukar foldar majiyyaci a matsayin kayan cikin gida na asibiti. A Najeriya Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ba ta ɗauke ta haka ba. Sashe na 25 ya wajabta wa shugaban kowace cibiyar lafiya ya tabbatar an buɗe wa kowane majiyyaci bayanansa kuma an adana su. Sashe na 29 ya lissafa laifuffuka, kuma a cikinsu akwai gurɓata bayani ta hanyar ƙari, ko gogewa, ko sauyawa, da lalata shi ba da izini ba. Hukuncin ya kai ɗaurin da bai wuce shekara biyu ba, ko tarar naira 250,000, ko duka biyun. Tarar dai a yau ba ta da wani nauyi, darajar naira ta cinye ta, amma ɗaurin yana nan, ga kuma hukumomin sana'a da ke iya karɓe lasisin mutum.

Wani abu a cikin sashen na 29 ya cancanci a tsaya a kansa. Sashen da ya hukunta wanda ya sauya bayani don ya ɓoye gaskiya, shi ne kuma ya hukunta wanda ya ƙi rubutawa ko ya ƙi gyarawa a lokacin da ya wajaba ya yi. Nas ɗin nan ke nan ba ta da damar shafe 8, ba ta kuma da damar barinsa yadda yake. Hanya ɗaya ta rage mata, wato gyaran da zai bar kuskuren a fili inda kowa zai gan shi.

Takardar abinci tana cikin wannan hukunci kamar takardar magani. Ana yawan raina ta, ana ganin ai madara ce kawai, ko kunu, ko jerin abin da mai ciwon sukari zai ci. Amma ga yarinyar nan madarar ita ce maganin, an auna ta da mililita kamar yadda ake auna allura.

Yadda ake jan layin

Ga yadda nas ta yi. Ta ɗauki biro, ba fensir ba, ta ja layi ɗaya siriri a kan 8, yadda har yanzu ana iya karanta shi. Ba ta bi ta kansa ta mayar da shi 6 ba, ko da yake hakan ya fi komai sauƙi, kuma shi ne abin da hannu ke fara kaiwa gare shi. A gefe ta rubuta 6, ta sa kwanan wata, ta sa lokacin da take gyaran, 07:40, ta rubuta gajeren dalili cewa an yi kuskure wajen kwafe nauyi daga katin karɓa, ta sa hannu da sunanta da muƙaminta. Ita ta yi kuskuren, don haka ita ta gyara. Da ta riga ta tafi gida, jami'ar abinci ba za ta soke mata rubutu ba, sai dai ta buɗe nata sabon bayanin ta ce ga abin da ta gani, ga nauyin da ta auna da hannunta.

To saura 87 ɗin nan guda biyar da ke jere a takardar ciyarwa fa? A nan ne mutane ke zamewa. Waɗannan ba a taɓa su. Nauyin kilo 8 kuskuren rubutu ne, domin yarinyar ba ta taɓa kai kilo 8 ba. Amma mililita 87 gaskiya ce, shi aka zuba a kofi, shi aka miƙa. Wanda ya soke shi ya rubuta 65 bai gyara komai ba, ƙarya ya ƙirƙira. Abin da ake yi shi ne a bar su, a buɗe sabon layi a ce daga ƙarfe takwas an koma 65 bisa umarnin likita.

A yi tunanin da an shafe duka da farin ruwa, shafi ya fito tas. Likita ya zo da ƙarfe tara ya tarar da yarinya fatar idonta ta ɗan kumbura, numfashi ya ƙaru. Ya dubi takarda, ya ga kilo 6, ya ga 65 sau biyar, komai daidai. Me zai zata? Zai tafi neman ciwon haƙarƙari ko wata cuta a jini, mai yiwuwa ma ya sa a ƙara mata ruwa, abin da zai iya ƙarasa ta. Shafin da aka ja wa layi kuwa ya gaya masa nan take cewa an miƙa wa yarinyar rarar kusan mililita 110 cikin dare ɗaya. Tun kafin a je ga alƙali, likitan safe shi ne farkon wanda shafaffen rubutu ke yaudara.

A kotu kuma lissafin ya fi haka tsauri. Lauyan da ya ɗaga shafi ya nuna farin tabo ba ya bukatar ya san abin da ke ƙarƙashinsa. Tambaya ɗaya zai yi: me aka ɓoye? Daga nan duk sauran shafukan foldar sun shiga zargi, har waɗanda ba su da laifi. Layi siriri mai kwanan wata da sa hannu kuwa yana nuna ranar da aka gano kuskuren da abin da aka yi a kai, kuma sau da yawa wannan ne ke kare ma'aikaci.

Akwai kuma abin da ba a zubawa a folda, wato faɗa. Jami'ar abinci ba ta rubuta cewa masu aikin dare sun yi sakaci ba, ko cewa rubutun wane kamar tafiyar kaza. Ta rubuta nauyin da ta auna, da bambancin da ta gani, da lokacin da ta sanar da likita, da abin da ya ce. Ƙorafi yana da tasa takardar ta rahoton abin da ya faru, wadda ke zuwa ga shugabannin asibiti.

Rubutun da ya makara

Saura aman da uwa ta tuna. Nas ta san gaskiya ne. Da ƙarfe biyu da 'yan mintoci yarinyar ta amayar da kusan rabin abin da ta sha, da ƙarfe huɗu ta sake, amma a lokacin wani yaro a gadon ƙarshe yana jijjiga, hankalinta duk yana can. A takardar ciyarwa akwai gurbin amai a gaban kowace ciyarwa, kuma guraben biyu suna nan fayau. Biro yana hannu, babu wanda zai ce komai idan ta cike su.

Ba a yin haka. Duk wanda ya cike gurbin ƙarfe biyu yana cewa ne da ƙarfe biyu ya rubuta, wannan kuwa ba gaskiya ba ne. Ana zuwa layi na gaba da babu komai a kansa, a fara da lokacin da ake rubutun, a rubuta `Late entry` ƙarara, sannan a faɗi lokacin da abin ya faru. Da Turanci ake rubuta shi a foldar, amma ma'anarsa ita ce: ƙarfe 07:50, rubutun da ya makara, game da ƙarfe 02:10 da 04:15 na daren jiya; yarinya ta yi amai bayan ciyarwa, na farko kusan rabin kofi, na gani da idona; na biyu mahaifiyarta ce ta sanar da ni; ban rubuta a lokacin ba saboda ina kan wani majiyyaci na gaggawa. Sai sa hannu.

A lura da yadda ta raba abin da ta gani da abin da aka gaya mata. A lura kuma ba ta ƙaƙalo adadi ba. Ba ta auna aman ba, don haka ta ce kusan rabin kofi, ba ta ce mililita 43 ba. Lamba mai kama da an auna ta alhali daga ka aka ciro ta ta fi kintace illa, domin mai karatu zai gina lissafi a kanta.

Dokar Shaida ta 2011 ita ce ta sa lokaci ya zama abin dubawa haka. Sashe na 34 ya ce idan kotu za ta auna nauyin wani rubutaccen bayani, ta duba ko an rubuta shi a daidai lokacin da abin ya faru, ta kuma duba ko mai rubutun yana da dalilin ɓoye gaskiya ko karkatar da ita. Sashe na 83, ƙaramin sashe na 3, ya ƙara gaba: bayanin da mai ruwa da tsaki ya rubuta a lokacin da shari'a ke gudana, ko ake hangen ta, a kan abin da ake jayayya a kansa, ba ya samun shiga ta wannan ƙofa. A sauƙaƙe, rubutun da ya makara da awa biyar, aka yi shi kafin kowa ya ɗaga murya, yana da ƙima. Wanda aka yi bayan mako uku, washegarin ranar da dangi suka kawo takardar lauya, ko gaskiya ne ya riga ya rasa ƙarfinsa. Asibitoci kan sa nasu wa'adin na irin wannan rubutu, amma ma'aunin ɗaya ne a ko'ina: da zarar an tuna, a rubuta.

Akwai ɗan'uwansa da ake kira ƙarin bayani, wanda ba mantuwa ba ce. Jami'ar abinci ta rubuta shirinta da safe, da yamma sakamakon gwajin jini ya fito ya nuna abin da ba ta sani ba a lokacin. Ba za ta koma ta cusa shi a bayanin safe ba, kamar dai tun farko ta sani. Sabon layi za ta buɗe da lokacinsa, ta ambaci bayanin da take ƙarawa a kai.

Kishiyar makara ita ce riga-malam-masallaci, kuma ta fi makara muni. Mai aikin dare ya gaji, ya zauna da ƙarfe biyu ya cike gurbin huɗu da na shida gaba ɗaya, a kan ai dama za a bayar. Ranar da yaro ya cika da ƙarfe uku da rabi, takarda ta nuna ya shanye madararsa da ƙarfe shida, babu bayanin da zai wanke wannan.

"Ta sha sosai"

Irin wannan jimla ta cika foldoji, kuma ba ta da amfani ga kowa. Takardar F-75 tana neman abin da aka zuba, da abin da ya rage a kofi, da abin da ya shiga ciki. Dalilin kuwa, akwai shawara da ta rataya a kan lambar: idan yaro ba ya iya shan kashi 80 cikin 100 na abin da aka ƙayyade masa, ana sa masa robar hanci. Ga yarinya mai kilo 6, iyakar ita ce mililita 624 a kwana. Uwa mai son a sallame ta za ta ce ta sha sosai, nas mai gado talatin za ta rubuta haka, yarinya kuma tana shan 500.

A Amurka irin wannan gibi tsakanin kalma da hujja ya zama maganar kuɗi. A 2020 ofishin babban mai bincike na ma'aikatar lafiyarsu ya zaɓi takardun biyan kuɗi 200 da asibitoci suka ce majiyyatansu na da tamowa mai tsanani. Ya ce a 173 daga ciki abin da ke cikin folda bai tabbatar da wannan suna ba, ya kuma ƙiyasta cewa an biya asibitoci rarar kusan dala biliyan ɗaya cikin shekara biyu. Kalmar tana nan a rubuce, awon da zai tsaya mata ne babu.

Haruffan da ke da fuska biyu

Ma'aikacin asibiti ba zai iya aiki ba tare da gajerun kalmomi ba, kuma babu mai cewa ya daina. Matsalar tana ga waɗanda ake iya karantawa ta hanya biyu. A 2004 hukumar Joint Commission, mai tantance asibitoci a Amurka, ta sa jerin waɗanda ta hana amfani da su ya fara aiki. Jerin ba doka ba ce a Kano ko Zinder, amma hannu da ido iri ɗaya ne a ko'ina.

Na farko a jerin shi ne `U`, da ake sa wa a gaban adadin insulin. A rubutun gaggawa yana rufewa ya zama sifili, sai `4U` ya koma 40. Ga mai ciwon sukari da ake ciyarwa ta roba, wannan ninki goma ne. Na biyu `IU`, ma'aunin bitamin A. Yaro mai shekara ɗaya zuwa sama da ya yi ƙyanda ana ba shi 200,000 ta baki, amma `IU` na iya fitowa kamar `IV`, wato ta jijiya, ko kamar lamba 10. Maganin duka biyun shi ne a rubuta kalmar cikakkiya.

Sai ɗigo. Wanda ya rubuta `.5` ya dogara ne ga ɗan tabon da takarda mai maiƙo ko hoton waya zai iya haɗiyewa, a karanta 5. Wanda ya rubuta `1.0` a umarnin magani shi ma ya buɗe ƙofar a karanta 10. Ƙa'idar ita ce sifili a gaba kullum, `0.5`, a baya kuma kada a sa shi. A kan iyakar Katsina da Maraɗi, inda iyaye ke tsallakawa da yara da takardunsu, akwai ƙarin tarko: tsarin Faransanci yana sa waƙafi inda na Ingilishi ke sa ɗigo. `6,5` a Nijar shi ne `6.5` a Najeriya.

Wasu ba sa cikin jerin hukumar amma masu aikin abinci sun san su. `K` alamar fotashiyam ce a takardar gwaji, kuma sunan bitamin ne, abubuwa biyu da ba su haɗa hanya ba. `µg` idan hannu ya yi sauri yana zama `mg`, ninki dubu. `D/C` yana nufin a sallami majiyyaci, yana kuma nufin a dakatar da abu, don haka idan aka rubuta shi kusa da F-75 sai mai karatu ya yi duba kafin ya san wanne ake nufi.

Wanda ya fi cin mutane a ɓoye kuwa ba a karanta shi ba daidai ba. `NPO` kowa ya san ma'anarsa, kada a ba da komai ta baki. Abin da ake mantawa shi ne a rubuta daga yaushe, don me, zuwa yaushe, wa zai ɗage. An sa dattijo azumin tiyata daga tsakar dare, da safe aka ɗaga aikin zuwa gobe, goben ma aka sake ɗagawa, haruffa uku suna nan a kan folda, mai rabon abinci yana wuce gadonsa, 'ya'yansa na zaune da kwanon fura suna tsoron saɓa wa likita. Babu wanda ya yanke shawarar a bar shi da yunwa kwana biyu. Idan aka zo bincike, abin da za a tarar shi ne umarni mai farko marar ƙarshe, da sunan wanda ya sa masa hannu.

Asibitin da ya san abin da yake yi yana da jerin gajerun kalmomin da ya amince da su, a manne inda kowa zai gani. Wanda ya ƙirƙiro nasa, ranar da aka kira shi ya fassara, maganarsa ce kawai a kan ta wanda ya karanta ya aikata.

Idan folda ta koma kwamfuta

Manyan asibitoci suna ta komawa na'ura, wasu kuma na ganin ta raba gardama. Ta raba wata, ta kawo wata. Rubutun hannu ya kau, 6 ba zai ƙara zama 8 ba. Manhaja mai kyau tana ajiye sawun kowane taɓi: wa ya shiga, da wane lokaci, me ya sauya, me ke wurin kafin ya sauya. Wanda ya koma ya gyara bayanin makon jiya a asirce ya bar sawu fiye da mai farin ruwa. Amma sawun yana bin sunan da aka shiga da shi ne, don haka wanda ya ara wa abokin aiki kalmar sirrinsa ya ara masa sa hannunsa. Ga kuma kwafe bayanin jiya a manna a na yau, wanda ke sa nauyin majiyyaci ya tsaya cak a allo kwana goma alhali mutumin yana zubewa a gado.

Sashe na 84 na Dokar Shaida ya ce kafin kotu ta karɓi abin da kwamfuta ta fitar, sai an nuna cewa na'urar tana aiki yadda ya kamata a lokacin. Wani abin da ya faru a Birtaniya ya nuna amfanin wannan sharaɗi. A asibitin Princess of Wales da ke Bridgend, a yankin Wales, an zargi nas-nas da ƙirƙirar sakamakon awon sukarin majiyyata, saboda lambobin da suka rubuta a takarda ba su bayyana a rumbun bayanan na'urorin awon ba. Uku sun amsa laifi. Da aka zo shari'ar sauran biyun a 2015, wani farfesan kimiyyar kwamfuta, Harold Thimbleby, ya binciki bayanan ya nuna cewa rumbun kansa yana da giɓi, daga baya kuma ta fito cewa an taɓa share wasu bayanai daga cikinsa wajen aikin gyara. Alƙali ya ƙi karɓar shaidar kwamfutar, shari'ar ta rushe, aka sallami matan biyu. Kafin nan an ɗauki shekaru ana gaskata na'ura a kan takarda, ba tare da an tambayi na'urar nata tarihin gyare-gyaren ba.

Yarinyar misalin nan dai a takarda aka rubuta tata. Likita ya zo kafin ƙarfe takwas, ya karanta layin da aka ja da rubutun da ya makara, ya ƙirga numfashinta, ya taɓa hantarta, ya ce a koma 65 a kuma riƙa duba ta duk bayan rabin awa har azahar. Ya rubuta hakan a ƙasan bayanin nas, da lokacinsa, 07:58. Jami'ar abinci ta ɗauki sabuwar takardar ciyarwa ta ranar, ta rubuta nauyin da lamba ta kuma rubuta shi da kalmomi a gefe, ta maƙala ta a kan ta jiya, wadda 8 ɗinta ke nan ana ganinsa a ƙarƙashin layi.